Yadda ake gano inda aka ɗauki hoto ta hanyar layin duwatsun da ke bayansa

A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya karaɗe kafofin sada zumunta, ana ganin sojoji sun tasa mata biyu da yara biyu a gaba a kan wata turba, daga ƙarshe suka harbe su. Kakakin gwamnatin Kamaru na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya ce labarin ƙarya ne, wasu kuma suka ce a Mali abin ya faru. Abin da ya warware gardamar yana can bayan mutanen: wani doron tsauni da ya fito a daƙiƙoƙin farko na bidiyon. Masu binciken sashen Africa Eye na BBC da abokan aikinsu suka zana layin tsaunin, suka yi ta neman irinsa a Google Earth, har wani da ya san yankin ya ce su duba wajen Zelevet, a jihar Arewa Mai Nisa, cikin tsaunukan Mandara da ke kan iyakar Najeriya. Layin ya zauna daram. Daga nan suka bi gine-gine da itatuwa da inuwa, har suka ce an ɗauki bidiyon tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015. A watan Satumban 2020 kotun soja ta ɗaure sojoji huɗu shekara goma-goma.

Abu guda nake so ka riƙe daga wannan labari: sai da wani ya nuna musu yanki kafin layin ya yi amfani. Layin dutse ba ya zaɓo maka wuri daga faɗin duniya. Aikinsa shi ne ya tabbatar da zato ko ya rushe shi, sannan ya matse wurin daga faɗin ƙaramar hukuma zuwa faɗin gona. Ga yadda nake bi, da inda na sha faɗuwa.

## Kafin ka buɗe taswira

Duk wanda ya ruga Google Earth da hoto a hannu zai ɓata yini yana yawo a kan duwatsun da duk suka yi kama da juna. Zauna da hoton tukuna.

Fara neman mafi kyawun kwafi. WhatsApp yakan matse hoto, galibi ya mai da dogon gefensa wajen fiksel 1600, ya kuma goge bayanan da kyamara ta rubuta a cikinsa. In kana iya kaiwa ga wanda ya ɗauka, roƙe shi ya turo maka a matsayin fayil, ta `Document`. Idan ya iso sai ka leƙa cikinsa da `exiftool`, manhajar kwamfuta mai karanta waɗannan bayanai:

```
exiftool -FocalLengthIn35mmFormat -GPSPosition -DateTimeOriginal hoto.jpg
```

Lambar farko ce ta fi damunmu, za ka ga dalili nan gaba. In bidiyo ne, tsayar da shi a duk inda kyamara ta juya, ka ɗauki hoton allo, ka jera su gefe da gefe har layin ya yi tsawo. Gajeren layi mai tozo ɗaya yana da 'yan'uwa ɗari. Dogo mai ƙololuwa biyar da wushirya biyu da wuya ka samu na biyunsa.

Sai ka duba ko hoton a juye yake. Kyamarar gaba ta wayoyi da yawa tana mai da dama hagu, masu satar bidiyo ma sukan juya shi da gangan. Nemi rubutu a jikin riga ko allon shago ko lambar mota. Idan akwai titi, a Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk hannun dama ake bi. Ka kuma miƙe hoton in ya karkace, ka gwada da abin da ka san a tsaye yake, kamar turken lantarki ko kusurwar gini.

Yanzu zana layin. Kowace manhajar zane ta isa: ɗauki jan alƙalami siriri ka bi inda dutse ya haɗu da sararin sama daga wannan gefe zuwa wancan. Kada ka tsaya nan. Duwatsu sahu-sahu suke, na kusa ya fi duhu, na nesa ya fi dishi-dishi da shuɗi. Ba kowane sahu launinsa, ka yi alama a daidai inda na gaba ya yanke na baya, domin wannan mahaɗar ta fi kowace ƙololuwa daraja. Inda itace ko rufin gida ya tare, bar giɓi, kada ka cike da zato.

Ni nakan raɗa wa ƙololuwa suna don kada lissafi ya rikice. A hoton da za mu yi aiki da shi akwai uku: ta hagu mai kama da tozon sa, na kira ta Tozo, ta tsakiya mai tsini Haƙori, ta dama mai shimfiɗaɗɗen kai Faifai. A gaban Haƙori akwai wani ɗan tudu baƙi da ya rufe ƙafarsa ta hagu.

## Ina kyamara ta fuskanta, a wane yanki

Siffar dutse tana ba da labarin ƙasa. Tulluwar dutse guda mai santsi da ta tashi daga fili, irin Zuma ko Kwatarkwashi, daban take da tarin duwatsun da suka hau kan juna na Filato, daban da dogon bangon Mandara mai gonakin matakala a jikinsa, daban kuma da baƙaƙen tsaunukan Ayar na arewacin Agadez. Haɗa wannan da harshen da ake ji a bidiyon, da irin rufin gidaje, da abin da mai turowa ya yi iƙirari. Iƙirarin nan, ko ƙarya ne, shi ne wurin farawa, tunda shi za ka fara gwadawa.

Gane alƙiblar kyamara yana rage aiki da kashi uku cikin huɗu. Doguwar inuwa ta safe tana faɗuwa yamma, ta la'asar gabas. Da tsakar rana kuwa sai an yi hattara a ƙasashenmu. A daidai layin Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan bi ta arewa, inuwa ta faɗi kudu, sauran watanni kuma ta faɗi arewa. Wanda ya haddace cewa inuwar azahar kullum arewa take nunawa, ka'idar mutanen Turai ya haddace. Masallaci ma yana taimakawa: alƙibla a Kano wajen digiri 68 take daga arewa, wato gabas da ɗan karkata arewa. Sai dai masallatan ƙauye da yawa gabas tsantsa aka fuskantar da su, saboda haka wannan ishara ce kawai.

## Mai da hoto kusurwa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suke tsallakewa. Ido yana cewa “ya yi kama”, amma kusurwa lamba ce da za ka ɗora a taswira ta yarda ko ta ƙi.

Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana da lambar nan da `exiftool` ya nuna wajen 26, ma'ana tana ɗaukar faɗin wajen digiri 67 a dogon gefen hoto. Daga nan ake samun wata lamba mai sauƙin riƙewa: ninka fiksel ɗin dogon gefe da 0.75. Hoton WhatsApp mai 1600 zai ba ka 1200. Kira ta f. In x shi ne yawan fiksel daga gefen hagu na hoto zuwa abin da kake aunawa, kusurwarsa daga tsakiyar hoto ita ce:

```
kusurwa = arctan( (x - tsakiya) / f )
```

A hotonmu tsakiya 800 ce. Na ɗora linzami a kan kowace ƙololuwa na karanta: Tozo 260, Haƙori 920, Faifai 1400. Tozo ke nan fiksel 540 hagu da tsakiya. 540 a raba da 1200 ya ba da 0.45, wato digiri 24.2. Haƙori 120 dama, 0.1, digiri 5.7. Faifai 600 dama, 0.5, digiri 26.6. Tsakanin Tozo da Haƙori digiri 29.9 ke nan, tsakanin Haƙori da Faifai 20.9. Kalkuletar waya tana da maɓallin `tan⁻¹` in ka kwantar da ita, ka dai tabbatar tana kan `Deg`.

Wani zai ce me ya sa ba za a raba 67 da 1600 a ninka kawai ba. Gwada da Tozo: za ka samu 22.6 maimakon 24.2. Bambancin digiri ɗaya da rabi kamar ba komai ba ne, amma digiri ɗaya a nisan kilomita ɗaya mita 17 da rabi ne, saboda haka a kilomita goma ka kauce da kusan mita 280. Ya isa ya kai ka wata unguwa.

Wannan 0.75 ɗin na hoton da ba a zuƙo ba kuma ba a yanke ba ne. Bidiyo yakan fi hoto ƙunci, musamman in wayar tana gyara rawar hannu. In ba ka san f ba, riƙe shi a matsayin abin da za ka daidaita daga baya, ka dogara da gwargwado: tazarar hagu ta ninka ta dama wajen sau ɗaya da rabi, kuma wannan ba ya sauyawa sosai ko an zuƙo.

Wannan lissafin dai shi ke ba da nisa idan ka san tsayin dutse. Zuma, wanda ke jikin takardar naira 100, ya ɗara ƙasar da ke kewaye da shi da wajen mita 300. In ya ci fiksel 72 daga ƙafa zuwa kai a hoto mai f 1200, to 72 a raba da 1200 ya ba da 0.06, sannan 300 a raba da 0.06 ya ba da mita 5,000. Mai hoton yana wajen kilomita biyar daga dutsen. Amma lura da raunin abin: in gidaje da itatuwa sun ɓoye ƙafar dutsen ka auna 60 maimakon 72, lissafi zai ce kilomita shida. Shi ya sa nake zana zobe mai kauri a taswira, daga huɗu da rabi zuwa shida, ba siririn layi ba.

## Neman ƙololuwar a taswira

Hoton tauraron ɗan'adam daga sama yake kallo, dutse yakan kwanta a cikinsa kamar tabo. Fara da taswirar tudu da kwari, ko `Terrain` na Google Maps ko OpenTopoMap. Layukan da ke zagaye a cikinta kowanne yana bin tsayi ɗaya ne. Inda suka matsu da juna gangare ne mai tsanani, inda suka buɗe ƙasa ta kwanta. Ƙaramin zobe a can ciki ƙololuwa ce. Zobe biyu da layi ɗaya ya rungume su tare, sirdi ne a tsakaninsu, wanda a hoto zai fito kamar wushirya. Haƙori zai zama zobe ƙanƙane da layuka cunkushe, Faifai kuma zobe mai faɗi wanda cikinsa fayau.

Tarko ɗaya: wadda ta fi tsayi a hoto ba lallai ita ta fi tsayi a taswira ba. Tudun mita 150 a kilomita biyu ya fi tsaunin mita 900 a kilomita ashirin cika ido. Bi launin da ka raba sahu da shi, ka nemi mai duhu kusa, mai shuɗi nesa.

In ka samu uku da kake zato, ga dabarar da masu safiyo da matuƙan jirgin ruwa suka daɗe suna yi. Samo farar leda ko takarda mai shara-shara, ka ɗiga ɗigo, ka ja layi uku daga gare shi da ma'aunin kusurwa irin na 'yan makaranta: digiri 30 tsakanin na farko da na biyu, 21 tsakanin na biyu da na uku. Ɗora ta a allon kwamfuta, taswira na kallo daga sama tsaye, ka yi ta ja da juyawa har kowane layi ya ratsa ƙololuwarsa a lokaci guda. Inda ɗigon ya tsaya, nan mai hoton ya tsaya. In duk yadda ka juya biyu sun hau ɗaya ta ƙi, to ɗaya daga cikin ukun ba ita ba ce, kuma gara ka sani yanzu.

Wani lokaci kuma sai ka ga akasin haka, ledar tana zamewa a kan baka mai tsawo kuma layukan uku ba su sauka ba. Wannan yana faruwa ne idan mai hoton da ƙololuwa ukun suna kan da'ira ɗaya. Maganinsa ka sauya ɗaya da wani abu na kusa sosai ko na nesa sosai.

## Sauka ƙasa

Yanzu buɗe Google Earth Pro na kwamfuta. Kyauta ne tun 2015, kuma ya fi na waya kayan awo. Je `Tools`, `Options`, `3D View`, ka tabbatar `Elevation Exaggeration` yana kan 1. Mutane sukan ɗaga shi zuwa 2 ko 3 don duwatsu su fito, su manta, sai kowane tudu ya zama Haƙori. Kunna `Terrain` a jerin hagu. Ja ɗan mutumin nan ruwan lemo ka ajiye shi a ɗigonka. Inda babu hoton titi zai saukar da kai daidai ƙasa, kana kallon tsaunuka kamar mai tsaye.

Kada ka gwada da ido daga taga zuwa taga. Ɗora hoton a kai: `Add`, `Photo`, ka zaɓi hoton da ka yi wa jan layi. Sa `Horizontal` na `Field of View` a kan 67, ka rage duhun hoton zuwa rabi don ka riƙa hango ƙasa ta cikinsa. Sannan daidaita abu ɗaya-ɗaya: `Heading` har Haƙori ya hau Haƙori, `Tilt` har tsayinsu ya zo ɗaya, `Roll` in gefe guda ya ɗaga. Sai ka dubi Tozo da Faifai. In duka biyun sun faɗo ciki ko duka sun fita waje da gwargwado ɗaya, ko faɗin kyamara ne bai yi daidai ba, ko kana buƙatar matsawa gaba ko baya. In ɗaya ta hau ɗaya ta kauce, gefe za ka matsa.

Manhajojin PeakFinder da PeakVisor suna zana layin tsaunuka tsaf daga duk ɗigon da ka ba su, ba tare da launin ƙasa ya ɗauke maka hankali ba, kuma sun fi nuna sahun da ke can nesa. Nakan buɗe ɗaya a gefe. Sunayen duwatsu dai kada ka sa rai, yawancin namu ba a shigar da su ba, layin kawai za ka samu, shi kuwa ake nema.

## Mahaɗar na kusa da na nesa

Ga dalilin da na ce ka yi wa mahaɗa alama. Tsauni mai nisan kilomita 20 ba ya damuwa da motsinka. Matsa gaba mita 100, girmansa zai ƙaru da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, abin da ido ba zai gani ba. Matsa gefe mita 100, zai gusa da ƙasa da sulusin digiri. Saboda haka in tsaunin nesa kaɗai ka daidaita, za ka iya yawo cikin fili mai faɗin kilomita guda layin yana ce maka daidai ne.

Tudun da ke kilomita biyu kuwa, wannan mita 100 ɗin za ta gusar da shi kusan digiri uku. Bambancin gusawar biyun, wajen digiri 2.6, ya kai fiksel 54 a hotonmu, abin da ko a allon waya za ka gani. Kamar ka miƙa yatsa ka rufe ido ɗaya sannan ka sauya ido: yatsan ya yi tsalle, bangon bai motsa ba.

A hoton namu baƙin tudun ya rufe ƙafar Haƙori ta hagu, kansa na ɗan hagu da tsinin. Da na sauka a ɗigon leda, sai na tarar da tudun ya koma dama da tsinin. Ƙololuwa uku sun zauna, mahaɗa ta ƙi. Ka'idar ita ce abu na kusa yana gudu kishiyar inda ka matsa, don haka in ina so tudun ya koma hagu, dama zan matsa. Na riƙa matsawa mita hamsin-hamsin, a mataki na uku ya koma mazauninsa. Wannan ya ba ni layi guda a ƙasa wanda mai hoton yake kansa: na ja shi da `Ruler` daga tsinin Haƙori, ya goga gefen tudun, ya wuce. Mahaɗa ta biyu a wani gefen hoton za ta ba da layi na biyu, inda suka gicciye kuma shi ne wurin. In babu ta biyu, kusurwar Tozo da Faifai ce za ta gaya maka ko gaba ko baya a kan layin.

## Inda taswira take ƙarya

Tsaunukan da kake gani a waɗannan manhajoji an gina su ne daga awon tsayi na tauraron ɗan'adam. Wanda aka fi sani shi ne SRTM, da kumbon Endeavour ya auna da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000. Lamba ɗaya yake bayarwa ga kowane fili mai wajen mita 30 a kowane gefe, kuma sai a 2014 aka saki mai wannan ingancin na Afirka, kafin nan mai mita 90 ake da shi. Akwai sabo, Copernicus GLO-30, shi ma mita 30.

Ma'anar wannan a aikace: duk abin da bai kai faɗin fili biyu ko uku na irin wannan awo ba, ya narke. Duwatsun Riyom da suka ɗare kan juna ba za su fito da siffarsu ba. Tsini yakan dakushe, bango mai miƙewa tsaye yakan zama gangare, wushirya siririya takan cike. Don haka kada rashin ƙananan haƙora ya sa ka yar da wuri mai kyau, kada kuma ka kafa hujja da su. Abin da ya wajaba ya zo daidai shi ne jerin manyan ƙololuwa, da tazararsu, da wadda ta fi wata tsayi. Layin da ke tsakanin kilomita uku zuwa talatin ya fi aminci. Na ƙasa da kilomita ɗaya yawanci dunƙule ne kawai.

Dutse ma yana sauyawa inda ake fasa shi. Wuraren fasa dutse irin na Mpape a Abuja sun cinye gefen tudu, awon shekarar 2000 bai san da haka ba. In gefe ɗaya na layi ya ƙi zama alhali saura sun zauna, danna alamar agogo ta tsofaffin hotuna ka ga ko farin tabon fasa dutse ya bayyana a wurin.

Sai lanƙwasar duniya. Abu mai nisa yana nutsewa da wajen wannan, an haɗa da ɗan lanƙwasar da haske ke yi a iska:

```
nutsewa (mita) = 0.068 x nisa x nisa (kilomita)
```

A kilomita 10 mita bakwai ne, ba abin damuwa ba. A 30 ya kai 61, a 50 ya kai 170. Kallon ƙasa na Google Earth da PeakFinder sun san da lanƙwasar, amma zanen `Show Elevation Profile` a shimfiɗe yake ba ka tsayi. Ka ce kana tsaye a mita 600, akwai doro mai 760 a kilomita huɗu, da ƙololuwa mai 1,830 a kilomita 30 a bayansa. Doron ya ɗaga 160 cikin 4,000, wato 0.040. Ƙololuwar 1,230 cikin 30,000, wato 0.041, kamar za ta leƙo. Cire 61, saura 1,169, ya koma 0.039: ta ɓuya.

Hazo kuma nasa daban ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura takan shafe sahun baya gaba ɗaya, sai na tsakiya ya zama shi ne layin sama a hoto, alhali manhaja tana nuna maka wani dogon tsauni a bayansa. Ƙa'idata a nan: abin da ke taswira babu shi a hoto yana iya zama hazo ko gajimare, in dai na nesa ne. Abin da ke hoto babu shi a taswira, in babba ne, wurin ba shi ba ne.

## Ƙoƙarin rushe abin da ka samu

Na taɓa yin awa huɗu a kan wani hoto, na samu tozo biyu da sirdi a tsakani sun zauna kamar an gwada, har na tura wa abokin aikina cewa an gama. Ya tambaye ni abu ɗaya: “To ina rafin?” A gaban hoton akwai busasshen rafi mai yashi, a wurin da na zaɓa kuwa babu ko kwata cikin kilomita biyu. Wurin gaskiya yana can wani kwarin, kilomita goma sha wani abu, da tozo biyu masu irin wannan tazara. Gajiya ce ta sa idona ya yafe wa ƙololuwa ta uku da ba ta zauna sosai ba.

Tun daga ranar, in layi ya zauna nakan koma kallon sama in nemi abu uku a ƙasa waɗanda ba ruwansu da dutse: lanƙwasar hanya, rufin kwano, babban itace guda kamar kuka ko tsamiya, gadar rafi, turken sadarwa. Kowanne sai ya faɗo a kusurwar da lissafin nan na `arctan` ya ce, ba wai ya kasance a unguwar kawai ba. Haka masu binciken Zelevet suka yi, bayan tsauni suka bi turba da gine-gine da itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam a nan suna ba da kyauta ta biyu: ginin da ke hoto amma babu shi a taswirar wata shekara ya nuna bayan shekarar aka ɗauka.

Sannan nakan matsa da gangan, mita 500 hagu, 500 dama, gaba da baya, in ga ko layin ya lalace. In bai lalace ba, ban gano ɗigo ba, yanki na gano, kuma haka zan rubuta: “cikin kilomita ɗaya daga wuri kaza, kyamara na kallon arewa maso gabas.” In mita 100 ta isa ta ɓata mahaɗa, sai in ba da lambobin wurin, tare da hoto biyu gefe da gefe masu layi iri ɗaya da launi iri ɗaya, da `Heading` da faɗin kyamarar da na yi amfani da su, yadda wani zai maimaita ya ga ko zai sauka inda na sauka. Idan hoton daga ƙofar gidan wani aka ɗauke shi, ko daga ƙauyen da mai ɗaukar zai shiga haɗari in an gane shi, sunan gunduma nake fitarwa, lambobin kuma su tsaya tsakanina da edita.